Taƙaitawar mahawara kan tarkon kuɗi da misalin Japan

1. Tarkon kuɗi shi ne yanayin da kuɗin ruwa ya kai kusan sifili, har babban banki ya kasa farfaɗo da tattalin arziki ta hanyar rage shi. An yi ittifaƙi cewa babban banki ba zai iya sauke kuɗin ruwa ƙasa da sifili sosai ba, domin masu ajiya za su gwammace su riƙe tsabar kuɗi a hannu.

2. Mafi yawa sun kafa hujja da Japan, wadda babban bankinta ya kai kuɗin ruwa kusan sifili a 1999 alhali farashin kaya yana sauka. Wani ya yi lissafi: in ruwan bashi sifili ne, farashi kuma yana faɗuwa da kashi 1 cikin ɗari a shekara, wanda ya ci bashin yen 100 zai biya da kuɗin da suka fi na farko daraja da kashi 1. Bashin ya yi nauyi ke nan, kuma babban bankin ba shi da sauran kuɗin ruwan da zai rage. A ganina wannan ce hujja mafi ƙarfi.

3. An nuna alamar tarkon: kuɗi sun taru jingim a asusun bankuna, amma kamfanonin da bashi ya yi wa katutu biya suke yi, ba sa neman sabo.

4. Ra'ayi ya rabu kan magani. Wasu sun ce gwamnati ta kashe kuɗi kai tsaye, wasu suka fifita babban banki ya sayi takardun lamunin gwamnati kamar yadda Japan ta fara a 2001, wasu kuma suka nace cewa sai jama'a sun gaskata farashi zai tashi.