Tsara Doguwar Takarda: Abin da Masu Buga Rahoto Suka Ce

Shawarar da ta fi yawa ita ce kada a tsara kanu da hannu. A Word, a ba babban kai `Heading 1`, ƙaramin kuma `Heading 2`, sai Word ya haɗa jerin abubuwan ciki da kansa idan an saka shi. Wanda ya kaurara rubutun kai kawai, ya buga lambobinsa da hannu, da ya sako sabon sashe tsakanin 3.1 da 3.2, sai ya bi duk lambobin da ke biye yana gyarawa, kuma "duba 3.4" ta koma nuna wani wuri daban.

Lamba kada ta wuce hawa uku, 2.1.4.3 rikita mai karatu take yi. Tazara kuwa, a sa ta da `Space Before`, a daina danna Enter, ta saman kai ta fi ta ƙasansa, don kan ya manne da bayaninsa.