Layin gida da data a Saudiyya: yadda muka yi a tafiyar Umara

Maniyyaciya daga Zariya: Assalamu alaikum. Zan tafi Umara na mako biyu in Allah ya yarda, kuma ina so layina na gida ya ci gaba da karɓar lambar sirrin da banki ke turowa, amma ina fargabar a kwashe min kuɗi. Waɗanda suka riga mu zuwa, yaya kuka yi?

Alhaji daga Kano: Hajiya, ni a filin jirgin Jidda na sayi layi, inda STC da Mobily da Zain ke da teburansu. Sun karɓi fasfo da biza, na dangwala yatsa, layin ya tashi. Na gida kuwa cire shi na yi na naɗe a takarda, domin muddin yana cikin waya sai ya ci kuɗi.

Mai gyaran waya a Farm Centre: Ranka ya daɗe, zaman layin a waya ba shi ne ke cin kuɗi ba, data ce da amsa kira, kuma idan Hajiya ta cire shi saƙon banki ba zai same ta ba. Hajiya, ki bar layin gida a ciki, ki sayi eSIM don data, wato layin da ake saukewa cikin waya ba tare da kati ba. Ki fara danna `*#06#`. Idan kika ga lambar EID, wayarki tana ɗaukar eSIM. iPhone daga XS da XR zuwa sama suna ɗauka, ban da akasarin waɗanda aka yi wa kasuwar China. Idan iPhone ce, ki shiga Settings, sai General, ki duba Carrier Lock a cikin About, ki tabbatar an rubuta No SIM restrictions. Ki saka eSIM ɗin tun kina gida da intanet mai ƙarfi, kada kuma ki goge shi don gwaji, domin sau da yawa lambar QR da ake saka shi da ita sau ɗaya take aiki. Idan kin sauka, ki kunna Data Roaming, wato amfani da data a ƙasar waje, a kan eSIM ɗin kaɗai, ki kashe na layin gida.

Malama daga Jos: A nan na yi kuskure. Na bar Data Roaming na layin gida a kunne, tare da Allow Cellular Data Switching, sai ya zamana duk lokacin da sabis ɗin eSIM ya yi rauni a cunkoson Harami, wayar ta koma layin gida ban sani ba. Kafin sallar isha'i ta kwana na biyu, katin da na saka ya ƙare ƙarƙaf.

Ɗalibi a Madina: Mama, WhatsApp ɗinki zai ci gaba da tsohuwar lambarki ko da wane layi kike. Sai dai yawancin eSIM na matafiya data ce zalla, babu lambar da direba ko ma'aikacin masauki zai kira ki da ita.

Maniyyaciya daga Zariya: Na gode ƙwarai. To karɓar saƙon bankin kansa kyauta ne?

Mai gyaran waya a Farm Centre: A layina kyauta na same shi, amma wani abokin cinikina saƙon bai shigo masa ba sam, saboda ba a buɗe wa layinsa aiki a ƙasar waje ba. Ki tambayi kamfanin layinki ko karɓar saƙon kyauta ne, da kuma ko an buɗe wa layinki aiki a waje, kafin ranar tashi.