Shugaban ɗalibai 600 ko magatakardan sito: wa za mu kira intabiyu?

Hajiya Rabi: Jama'a a ba ni shawara. Muna neman sufabaiza da zai kula da wakilai 8 a Giwa, Soba da Kudan. Su ne ke raba wa manoma taki da iri bashi da farkon damina, su karɓo biya da masara da kaka. Zai riƙa aiko rahoto a Excel duk mako, kuma aikinsa na tafiya da na mai sito da akanta. Gurbin intabiyu ɗaya ya rage, takardun sibi biyu ne a gabana. Na farko ya shugabanci ƙungiyar ɗaliban sashensu mai mutum 600 a Samaru, ya yi shugaban filatun a sansanin bautar ƙasa, ya rubuta cewa shi gwanin aiki tare da jama'a ne. Na biyu difloma gare shi, ya yi damina biyu yana magatakardan sito a shagon taki a Sabon Gari, bai taɓa riƙe muƙami ba. Manajanmu ya ce muƙami shi ne hujjar shugabanci, a kira na farko. Haka ne?

Bashir Kongo: Hajiya, manajanku ya yi daidai. Wanda bai taɓa shiga zaɓen ɗalibai ba ne ke raina shi. Kafin mutum 600 su yarda su ɗora ka, sai ka bi aji-aji, ka sasanta 'yan wannan gari da 'yan wancan, ka sha zagi ka haɗiye. Kuma ba albashi kake ba kowa ba, balle ka ce za ka kore shi. Wanda ya iya da ɗalibai, wakilai 8 wasa ne a wurinsa.

Malam Sani Tudun Wada: Bashir ƙanina, rabin maganarka na karɓa, zan dawo kanta. Amma 600 ɗin nan adadin 'yan ƙungiya ne, ba adadin waɗanda ya sa aiki ba. Waɗanda ke ƙarƙashinsa da gaske su ne 'yan majalisarsa: sakatare, ma'aji da sauransu, da wuya su wuce goma sha. Shugabancin filatun kuwa, zaman sansanin gaba ɗaya mako uku ne. Ba na ƙirga shi sam a aikin da za a yi wata takwas ana bin bashi.

Hajiya, ni yadda nake yi, ina kife takardun biyu tukuna, in ɗauki sanarwar aikin in fitar da abin da za a yi da hannu. Taku ta ba ni huɗu: sa ido kan mutanen da ba ka ganinsu kullum, karɓo dukiya daga hannun wanda ba ya son bayarwa, rubuta rahoto a kan lokaci, da daidaita lissafi da wasu ma'aikata biyu da ba ka iko da su. Sai in buɗe kowace takarda in nemi layin da ya taɓa ɗaya daga cikinsu. Kalmar "gwani" ba ta taɓa ko ɗaya ba, don duk mai neman aiki gwani ne a takardarsa. Ki kawo mana ainihin abin da kowannensu ya rubuta a ƙarƙashin matsayinsa.

Hajiya Rabi: Malam, ga shi. Na farko: ya jagoranci makon ɗalibai, ya wakilci sashe a wurin shugabannin tsangaya, ya haɗa kan 'yan ƙungiya. Na biyu: yana tsara lodi ga direbobi 3 da 'yan dako 10, tirela 9 ta taki ta bi ta hannunsa a damina ɗaya, kuma duk Asabar suna haɗa littafin sito da na akanta.

Ɗanliti Mai Waya: Salamu alaikum Hajiya, ashe ɗaukar ma'aikata kuke yi? Akwai ƙanina ya gama bautar ƙasa bara, shi ma ya yi wakilin aji shekara huɗu. Ta ina zan turo takardunsa?

Hajiya Rabi: Ɗanliti, an rufe tun makon jiya. Allah ya kawo masa rabonsa.

Malam Sani Tudun Wada: To madalla, yanzu akwai abin kamawa. Layin Asabar ɗin nan na mai difloma shi ne hujjar aiki tare mafi ƙarfi a takardun duka, ko da yake bai kira shi da wannan suna ba. Ya faɗi da wa yake aikin, ya faɗi ranar, kuma abu ne da ake iya tambayar wani a kai. Ya dace da layi na huɗu na sanarwarku kai tsaye. Tirela 9 kuma ana iya auna ta: tirela na ɗaukar buhu 600 mai kilo 50, wato buhu 5,400 ke nan. In kin same shi a waya, kada ki faɗa masa jimillar, ki tambaye shi buhu nawa ya shigo sito a daminar, nawa ya fashe, nawa aka nema aka rasa. Wanda ya riƙe littafi da gaske zai ba ki adadi kusa da wannan, ya ma tuna ranar da lissafi ya ƙi haɗuwa da yadda suka gano inda kuskuren yake. Wanda ya ce ko buhu ɗaya bai taɓa salwanta ba, ni sai in ƙara sa masa ido.

Amma kada in yi masa kwalliyar da ba tasa ba. 'Yan dako a gabansa suke, a buhu ake biyansu, in ɗaya ya yi lalaci ana gani nan take. Wakilin da ke wani ƙauye bayan Soba, wanda zai ce maka a waya manomi bai biya ba alhali masarar tana ɗakinsa, wannan wani karatu ne daban. Takardarsa ba ta nuna ya taɓa yinsa ba.

Nan ne rabin maganar Bashir ke shigowa. Shugaban ƙungiyar ɗalibai yana karɓar kuɗin ƙungiya daga mutanen da ba zai iya tilasta wa ba, ta hannun wakilan aji da ba ya biyansu. In da yaron nan ya rubuta cewa ta hannun wakilan aji kaza ya tara kuɗin mutum kaza, ya miƙa lissafi ga waɗanda suka gaje shi, da ya bugi layi biyu na farko lokaci guda. Bai rubuta ba. Ko dai bai yi ba, ko bai san shi ne abin rubutawa ba.

Bashir Kongo: To ai ka dawo hanyata, Malam. Ya yi, bai dai iya tallata kansa ba.

Malam Sani Tudun Wada: Ban ce ya yi ba. Na sha ganin shugaban da sakatarensa ne ke ɗauke da ƙungiyar, shi nasa babbar riga da jawabi.

Anti Ladi: Malam Sani, ni inda nake da ja da tsarinka shi ne wannan neman "ni na yi kaza". Mu da aka tarbiyyantar a kan yabon kai jahilci, bakinmu ba ya iya furta shi. Na taɓa zuwa intabiyu a wata ƙungiya mai aikin lafiya, aka tambaye ni yadda aka yi rigakafin unguwarmu ya kammala kafin wa'adi. Na ce mun raba gidaje, mun samu mai unguwa, mun koma wa waɗanda suka ƙi. Alhali ni na zana rabon gidajen, ni na je wurin mai unguwar sau uku. Daga baya na ji an ce ban nuna rawar da na taka ba. Wanda aka ɗauka kuwa kowace jimla tasa da "ni" take farawa. Har yau abin na ci mini rai.

Malam Sani Tudun Wada: Anti, laifin masu tambayar ne, ba naki ba. In mutum ya ce "mun yi", ba a yanke masa hukunci, ana bin sawu ne: a cikin ku wa ya fara kawo shawarar, ranar da aka je wurin mai unguwa wa ya yi magana, da ba ki je aiki a makon ba me zai tsaya? Mai kunya zai amsa waɗannan daki-daki ba tare da ya yabi kansa ba. Wanda ya laɓe a cikin "mu" kuwa sai ya riƙa zagaye. Haka ake yi wa mai yawan "ni" ma, a juye: a ce ya ambaci mutum biyu da aikin ba zai yiwu ba sai da su, da abin da kowannensu ya yi. In ya rasa, maganar aiki taren da ya rubuta ta faɗi.

Injiniya Auwal: Ni duk ban yarda da wannan bin takarda ba. Lambobin da kuke yabo, a shagunan buga takardu na bakin jami'a ake zuba wa mutum su. Yau an gane masu ɗauka na son lamba, kowa ya rage asara da kashi 30, kowa ya kula da mutum 50. Ku kira wanda ya yi aiki da shi kawai, a huta.

Anti Ladi: Injiniya, wanda ya sa a takarda don ya shaide shi ai nasa ne. Lakcara ne ko kawu. Wa zai ce ɗansa ba ya da kirki?

Injiniya Auwal: Shi ya sa ba a tambayar hali. In ka ce yaya halinsa, "yaron kirki ne" za ka ji ko da ɓarawo ne. Tambayi abu: mutum nawa ke karɓar umarni a wurinsa, wa ke riƙe makullin sito, za ka ba shi kaya bashi ya kai ƙauye ba tare da kai ba? Kuma ni akantan shagon zan nema, ba mai shagon ba. Shi ya zauna da shi duk Asabar.

Malam Sani Tudun Wada: Wannan na yarda da shi, da sharaɗi ɗaya: a nemi izinin yaron tukuna. In har yanzu yana shagon, kiran da ba a sanar da shi ba na iya raba shi da abincinsa. Batun lambobi kuwa, kashi 30 da ba a faɗi daga nawa zuwa nawa ba ni ma ba na kallonsa. Tirela 9 daban ce, don tana da buhu, tana da direba, tana da littafi.

Bashir Kongo: Har yanzu dai ina ganin ana zaluntar sabon mai digiri. Ina zai samo tirela? Abin da yake da shi ke nan, ƙungiya da sansani. In ba za a ƙirga su ba, a rubuta a sanarwa cewa sai mai gogewa, kada a ɓata wa yara kuɗin hoto da bugu.

Hajiya Rabi: Bashir, a nan ka taɓa mu. Sanarwar tamu cewa ta yi "mai iya shugabanci da aiki tare", ba ta ambaci bin bashi a sarari ba, sai a jerin ayyuka can ƙasa. Wataƙila da mun sa shi a sama da na farkon ya rubuta wani abu daban.

Na kira su duka biyu da yamma, minti goma-goma. Na sito ya ce buhu 5,400 ne suka shigo, 14 sun fashe a sauke kaya an sake ɗura su, 6 kuma ba a gan su ba sai da aka gano direba ɗaya ya sauke su a wani shago bisa kuskure. Da na tambaye shi ko ya taɓa bin manomi bashi, ya ce a'a, mai shagon ne ke yi da kansa. Na Samaru ya ce ma'aji ne ya riƙe kuɗi, bai tuna jimillar ba, amma ya ba ni labarin wani wakilin aji da ya karɓi kuɗin mutane ya yi shiru, yadda ya bi ɗaliban ɗaya bayan ɗaya ya haɗa sunayen waɗanda suka biya, ya zaunar da shi gaban majalisa har ya dawo da kuɗin a karo biyu. Wannan ba ya cikin takardarsa ko kaɗan.

Injiniya Auwal: Labari ne, Hajiya. Wa ya shaida?

Hajiya Rabi: Ya ba ni lambar ma'ajin, ya ce in kira. Na kira sau biyu tana kashe. Gobe da safe zan sake gwadawa kafin in shiga wurin manaja, in kuma roƙe shi ya ƙara kujera ɗaya a intabiyun.