Babban mai saye na son ragin kashi 10 a buhun albasa

Issufu Ɗan Adar: Salamu alaikum ƴan zaure. Kamfanin nan mai dafa wa ma'aikata abinci da nake kai wa albasar Galmi a Yamai sun kira ni jiya. Buhu 200 suke ɗauka duk wata a kan jika 15, biya bayan kwana 60. Yanzu sun ce ko in rage kashi 10 ko su koma wajen wani a kasuwar Katako. Buhun yana tsaya min jika 12 da rabi har ƙofarsu. Rabin cinikina su ne. Ranar Alhamis zan ba su amsa.

Sani Direba: Wa alaikassalam. Rage musu, Issufu. Da hanau gara mannau.

Hajiya Rabi: Sani, lissafa tukuna. Ribarsa jika 2 da rabi ce a buhu, kashi 10 kuma jika ɗaya da rabi. Saura jika guda. A wata yana samun jika 500, zai koma 200. Kafin ya maido ribarsa ta da sai ya kai buhu 500, kuma da kuɗinsa zai sayo su.

Alhaji Ada: Issufu ƙanena, bari in ba ka nawa, don ni na sha wannan ruwan. Shekarun baya wani otal nake kai wa dankali da albasa. Mai sayayyarsu ya zaunar da ni, ya sa aka kawo min lemo mai sanyi, ya ce in rage jika ɗaya a buhu, su kuma za su ninka abin da suke ɗauka. Da baki kawai, ba takarda. Na ce na rage, ko fita ofishin ban yi ba. Wata na farko suka ƙara buhu 20, na biyu suka koma yadda suke. Ragin kuwa ya zauna daram. Da damina ta wuce albasa ta hau, na je neman ƙari, sai ya buɗe littafi ya nuna min sabon farashin ya ce ai wannan ne kuɗinmu. Tsohon farashin ya mutu ke nan. Abin da ya fi ci min rai, bayan wata huɗu ya sake neman ragi, don ya ga na farkon bai ci masa ko tamma ba. Na yi wata bakwai ina yi musu dako, ƴan ciko da mai rudun ajiyar albasa suna ci, ni ina kallo, har na janye da kaina.

Da yau ne, ba zan ce a'a ba, ba kuma zan ce to ba. Cewa zan yi: in kun yi kaza, ni ma in yi kaza. Kowane abu da zai fita hannunka, wani ya shigo a madadinsa, a zama ɗaya, a takarda ɗaya. Kuma maganarsu ta ƙarin kaya, kada ka biya ta tun kafin ka gani. A rubuta farashi jika 15 yadda yake. In sun cika buhu 900 a wata uku, ka mayar musu da rabin jika a kowane buhu a ƙarshen watannin. In ba su cika ba, ba abin da ka rasa.

Mamman Ƙonni: Wa ke sayar da buhu jika 13 da rabi? Ina son 30.

Hajiya Rabi: Mamman, karanta daga sama. Ba wanda ke sayarwa.

Issufu Ɗan Adar: Na gode Alhaji. To me zan nema? Ni ban ga abin da suke da shi ba in ba kuɗi ba.

Hajiya Rabi: Kwana 60 ɗin nan fa? Kullum kayan wata biyu na hannunsu, miliyan 6 ke nan tana kwance a ofishin wasu, kai kana nan kana roƙon manoma su yi maka haƙuri. In suka dawo kwana 15, abin da zai rage a wajensu bai wuce miliyan ɗaya da rabi ba. Da sauran za ka sayi kaya a Maris da Afrilu, lokacin da albasa ke zube a Galmi, ka zuba a rudu. A kan wannan ni zan iya sakin rabin jika. Amma a rubuta cewa duk kuɗin da ya wuce kwana 15, tsohon farashi ya dawo, in ba haka ba za su ci ragin su kuma ci kwanakin.

Malam Habu: Tun da an zo nan: farashi biyu, na hannu da na ajali, mafi yawan malamai sun halatta in an tsaya a kan ɗaya kafin a rabu. Amma a ce in ka yi jinkiri kuɗin ya ƙaru, Hajiya, wannan a yi hattara, ƙari ne a kan bashi.

Hajiya Rabi: Allah gafarta Malam, ba ƙari ba ne, ragi ne bai samu ba.

Malam Habu: In an riga an ƙulla a kan 14 da rabi, 15 ƙari ne. Zan duba in dawo muku.

Sani Direba: Ni dai abin da na sani, motar mutanen nan tana kai kaya wajen Ƙonni ta koma Yamai wayam. Na sha gamuwa da ita a Dogonduci. Nawa kake biyan mota?

Issufu Ɗan Adar: Jika ɗaya da rabi a buhu.

Sani Direba: To su ɗauka a Galmi da motarsu, ka rage musu jika ɗaya, sauran rabin jikar ya zama naka.

Alhaji Ada: Yauwa Sani, irin wannan ake nema, abin da a wajensu ba komai ba ne, a wajenka kuɗi ne. Sai dai a ƙirga a duba kaya a wajen lodi, mutuminsu ya sa hannu. In direbansu ya lulluɓe ta da tamfol ya kwana biyu a rana, ruɓar tasu ce. Kuma tun da yankawa suke yi a tukunya, su karɓi ƙanana a gauraye. Me ya haɗa mai miya da manyan zaɓe?

Mamman Ƙonni: Sani da ka san hanya haka, ina tamfol ɗina da ka ara tun azumi?

Sani Direba: Yana gareji, aiko yaro.

Zeinabu Wadata: Ku kuna ta lissafi, in na Katakon gaske ne fa? Ni haka aka yi min da kwai, na tsaya ciniki, washegari wata ce ke kai musu.

Hajiya Rabi: Yana iya zama gaske. Issufu ya aika yaro Katako gobe ya taya buhu. In 13 da rabi ake sayarwa can, barazanar tana da ƙafa. Sai dai na Katako kuɗi hannu yake so, ban ga wanda zai jira kwana 60 ba.

Zeinabu Wadata: Akwai masu jira, Hajiya, in yunwar ciniki ta kama su.

Alhaji Ada: Abu ɗaya kada ka bayar ko me suka ajiye maka: farashi ɗaya na shekara. Kuɗin Afrilu ba shi ne na Nuwamba ba, kuma albasar rudu tana ramewa, wata ta tsiro, wata ta ruɓe. Wata uku-uku a sake zama.

Issufu Ɗan Adar: Zan je da biyu: mota da kwana 15. In sun yarda da duka, jika ɗaya da rabin da suke so ta cika, ni ribata ta tsaya a jika 2 da rabi. In sun ƙi mota, rabin jika kawai. Malam, ina jiran amsarka kafin Alhamis, don in san yadda za a rubuta.

Mamman Ƙonni: To buhu 30 ɗin fa, nawa za ka bar min?