Taƙaitawa: fom ɗin Excel na ma'aikatan ƙauye a yankin Damagaram

Ga abin da na tattara daga muhawarar da aka yi kan yadda za a hana kuskure shiga fom ɗin da ma'aikata ke cikawa.

1. Kowa ya yarda a daina rubuta sunan gari da hannu, don Mirya kaɗai tana fitowa da rubutu iri uku, lissafi ya watse. A zuba sunayen a wani shafi mai suna Listes, daga gida A2 zuwa A11, a zaɓi gidajen fom, a shiga Données, sai Validation des données, a ɗauki Liste, a sa wannan a Source:

```
=Listes!$A$2:$A$11
```

Gidan adadin yara kuma Nombre entier ya dace da shi, misali daga 0 zuwa 500.

2. A Alerte d'erreur a bar salo na farko, wanda ke hana kuskure shiga. Avertissement gargaɗi kawai yake yi, mutum ya danna Oui kuskure ya shige.

3. Kulle ya fi ba mutane wahala. Duk gidaje a kulle suke tun asali, amma kullen ba ya aiki sai an kare shafin. Saboda haka a fara cire alamar Verrouillée a gidajen cikawa, sannan Révision, Protéger la feuille. Wanda ya manta matakin farko, ma'aikaci ko harafi ɗaya ba zai iya rubutawa ba.

4. An rabu kan liƙawa. Ctrl+V yana wucewa ba tare da bincike ba, ko shafin a kare yake. Wasu sun ce a hana da makro, wato ɗan shirin umarni da ake rubutawa a cikin Excel, wasu sun ce makro ba ya aiki a waya, gara mai karɓar fom ya cire kariya ya danna Entourer les données non valides. A ganina na biyun ya fi dacewa da mu, tunda da waya ake yawan cikawa.