Diyod ɗin jabu ne, ko sigina ce ba ta kai ba?

Ɗalibin foli: Jama'a, 'yan kasuwa sun daina tsoron Allah. Na sayi diyod 1N4148 guda goma, duk jabu. Sigina ce nake ɗaukowa daga ƙaramar taransifoma mai auna karan, tsininta milibolt 300. Na bi da ita ta diyod, mita na nuna min kusan sifili. Na canza har sau huɗu. Gobe zan mayar masa da kayansa!

Mai sayar da kayan gyara: Jabu? Ɗan'uwa, ka auna bakinka. Nawa ne kuɗin 1N4148 da har mutum zai zauna yin jabunsa?

Mai gyaran rediyo: Alhaji, a bar wannan magana. Ni na sha sayen kafasita, jikinta an rubuta wani abu, mita ta nuna wani abu daban.

Mai sayar da kayan gyara: A shagona ka saya?

Injiniya: Ku dakata. Ƙanena, sa mitarka a wurin gwajin diyod. In ta nuna wajen 0.6 ta gaba, ta baya kuma ba ta nuna komai, lafiyarsa lau. Diyod ɗin silikon ba ya buɗewa sosai sai an tura shi da bolt 0.6 zuwa 0.7. Kai kuwa 0.3 ka kawo masa, da ƙyar ya kai rabin kuɗin shiga.

Mai gyaran rediyo: To ya sa na jamaniyom, 1N34A. Da shi muka taso muna haɗa rediyo, 0.2 ya ishe shi.

Injiniya: Gaskiya ne zai buɗe, Baba. Sai dai a cikin milibolt 300 ya ci wajen 200, kuma abin da yake ci yana sauyawa da zafi da yawan karan. Rediyo ji ake yi, wannan yaron awo yake so.

Ƙanena, ka nemo ofam, wato ƙaramin IC mai ƙara ƙarfin sigina, ko 741 ne. Sigina ta shiga ƙafa ta 3. Ƙafa ta 6, wato bakin ofam, ta tafi anod ɗin diyod. Katod, gefen da ke da zobe, ka mayar da shi ƙafa ta 2, daga nan kuma resista 10k zuwa ƙasa. A kan resistar za ka ɗauki sakamako. Ofam yana ƙoƙarin daidaita ƙafa ta 2 da ta 3, don haka in ka ba shi 0.3, sai ya ɗaga bakinsa zuwa wajen 0.9, ya biya wa diyod 0.6 ɗinsa daga wutar da ake ciyar da shi, kai ka karɓi 0.3 cif. Idan sigina ta juya ƙasa da sifili, diyod ya rufe, resista ta riƙe sifili.

Mai haɗa sola: Ni gada nake sa wa, diyod huɗu, batir na caji ba matsala. Wahalar me kuke sha?

Ɗalibin foli: Yallaɓai, ba caji nake ba. Kuma gada ai diyod biyu take bi a jere, 1.2 ke nan.

Malamin lantarki: "Cif" ɗin nan ne ban yarda da shi ba. 741 yana da kuskuren shiga na milibolt ɗaya zuwa biyu, wani har shida. Sannan in diyod ya rufe, hanyar da ke komawa ƙafa ta 2 ta yanke, bakin ofam ya faɗa wajen bolt 11 ƙasa da sifili idan da +12 da -12 ake ciyar da shi. Hawansa rabin bolt ne a kowace maikurosakan, sai ya ɗauki sama da maikurosakan 20 kafin ya dawo. A 10 kHz rabin zagaye maikurosakan 50 ne kacal. Duba a sikof, na'urar da ke nuna siffar sigina, za ka ga gaban tudun a gutsure.

Injiniya: Malam, 50 Hz yake aunawa. Rabin zagaye milisakan 10 ne, wa zai ga maikurosakan 20 a ciki?

Malamin lantarki: Duk da haka a koya masa mai diyod biyu, wanda sigina ke shiga ta ƙafa ta 2. Diyod na biyu yana hana bakin faɗawa, tsallen 1.2 kawai yake yi.

Mai gyaran rediyo: 'Yan boko ke nan. Ku ba a taɓa ƙona muku yatsa da ayan ba, sai lissafi.

Malamin lantarki: Shekara nawa ka san na yi ina riƙe ayan?

Mai sayar da kayan gyara: Bari in taƙaita wa waɗanda suka zo a makare. Injiniya ya tabbatar kaya masu kyau ne, laifin yaro ne, ya kamata ya janye kalmar jabu. Sauran duk surutu ne. 741 da TL081 akwai su a shago.

Ɗalibin foli: Ban gwada ba tukuna, Alhaji, babu wuta. Kuma batir ɗaya gare ni mai bolt 9, 741 zai yarda?