Jan baka, guga ko jan izga: me za mu kira "bowin" na bayolin?

Mai Koyo: Salamu alaikum. Wata bakwai ke nan ina koyon bayolin, yanzu ƙanwata ta ce in fara nuna mata da Hausa. Na tsaya cik a kalma ta farko. Malamina yana cewa "bowin", wato yadda ake jan sandan nan mai gashin doki a kan tsirkiya. Na ce mata "jan baka", sai ta fashe da dariya, wai ta ji kamar jan baki. Akwai kuma abu biyu da nake son sunansu: yadda ake hana sandan karkacewa, da dogon sautin da ake ja bai ɗaya. Ni kaina nan nake fama, nawa yana fara da ƙarfi ya ƙare da rawa kamar kukan ɗan akuya.

Ɗan Tasha: Guga mana. Ai daga goga aka samu goge. Shi ke nan.

Mai Koyo: Yaya, na gwada. Na ce mata za mu yi guga, ta tafi ɗauko dutsen guga.

Baban Goge: Ɗana, kada ku wahalar da kanku. Mu masu goge izga muke cewa, don gashin wutsiyar doki shi ke aikin, ba sandan ba. Ɗan itacen da tsirkiya take hawa kuwa jaki ne, abin da ake shafa wa gashin kuma ƙaro. Ka ce jan izga, kowa zai gane. Baka ta maharbi ce.

Malama Zinder: Baba ya yi gaskiya, izga ta fi. Sai dai ja rabin aikin ne. Da Faransanci na koya, kuma su suna raba shi biyu: in izga ta tafi daga gindi, wajen hannu, zuwa tsini, sai su ce an ja, in ta dawo daga tsini zuwa gindi, an tura. Mu ma sai mu ce ja da turi. Sun fi "ƙasa" da "sama" na Turancin Ingilishi ma'ana, don a kan tsirkiyar G, mafi kauri a cikin tsirkiyoyin bayolin, izga kusan a kwance take, ba sama take zuwa ba balle ƙasa.

Ɗan Tasha: To ta miƙewar fa? Ai izga miƙaƙƙiya kawai. In taka ta lanƙwashe ka kai a gyara ko ka sayi sabuwa.

Malama Zinder: A'a Malam, ba sandan ake nufi ba. Sandan ma da gangan aka ɗan lanƙwasa shi wajen gashin, in ka ɗaure shi har ya miƙe ka ɓata shi. Shi ya sa ban son kalmar miƙewa a nan, tana ruɗar ɗalibi. Abin da ake so shi ne izga ta gicciye tsirkiya daidai, ta yi tafiya kafaɗa da kafaɗa da jaki daga gindi har tsini. Ni "gicciye" nake cewa: tsare gicciye, ko gicciyenka ya kauce.

Dalilin kuwa, tsakanin jaki da baƙin allon da yatsu ke dannawa akwai ɗan fili kaɗan, kuma kowane wuri a ciki da irin muryarsa. Kusa da jaki tsirkiya tana da tauri, tana son nauyi da tafiya a hankali. Kusa da allo tana da laushi, tana son izga mai sauri marar nauyi. In izga ta karkace sai ta riƙa zamewa daga wannan wuri zuwa wancan ba da saninka ba, muryar ta canja a tsakiyar sauti ɗaya.

Abin da ke kawo karkacewar shi ne hannu daga kafaɗa yake lilo, lilo kuwa zagaye yake yi. Ɗora izga a tsakiyarta ka duba: damtse, sangalin hannu, izga da bayolin sun yi kusan murabba'i. Daga nan zuwa tsini gwiwar hannu ce take buɗewa kamar ƙyaure, damtse ya zauna. Dab da tsini sai ka ɗan miƙa hannun gaba, nesa da jikinka. Mai koyo yakan ja shi baya wajen haƙarƙari, nan take izga ta sulale kan allo.

Baban Goge: Mu dai ba a auna mana wannan ba. Izgarmu gajera ce, kunne ke gaya maka.

Malama Zinder: Haka ne Baba. Ta bayolin ta kai wajen santimita 75, shi ya sa ƙaramin kuskure a hannu yake zama babba a tsini.

Mai Koyo: Malama, wannan sulalewar ita ce tawa sak. Shi wurin da gashi ke taɓa tsirkiya fa, "magoga" zai yi?

Malama Zinder: Ya yi mini. Ka tsaya gefe a gaban madubi, ka juya har jaki ya zame maka siririn layi ɗaya, sannan ka kalli magoga a madubin. In ka kalla kai tsaye daga inda haɓarka take, ido zai yaudare ka.

Ɗan Tasha: Rawar da yake yi a ƙarshe kuwa rashin dannawa ne. Ka danna sosai.

Malama Zinder: Rabin gaskiya ce. A tsini akwai buƙatar ƙarin nauyi, don hannu ya yi nisa da magoga, sai ka ɗan juya sangalin hannu ciki nauyin ya sauka ta manuni. Amma a gindi akasin haka ne: nauyin izga da na hannu duk suna kan tsirkiya, ƙaramin yatsa ne ke ɗauke wani, in ba haka ba ka ji ƙarrr. Ƙaro kama tsirkiya yake ya sake ta, ya kama ya sake, sau 440 a daƙiƙa a kan tsirkiyar A. In ka danne ta fiye da kima ba ta samun sakin a kan kari.

Ina kuma zargin izgarka ce ke ƙarewa da wuri. Gwada: manna ɗan tef a sandan ka raba gashin gida 4. Sa maƙirgin bugu a 60, bugu ɗaya daƙiƙa ɗaya. Ja tsirkiyar D ba tare da danna yatsa ba, bugu 8, kowane gida bugu 2, sannan ka tura da bugu 8.

Mai Koyo: Na gwada yanzu. Wallahi a bugu na 3 na wuce tef ɗin tsakiya! Sauran bugu 5 sai lallaɓawa nake da rabin izga, hannu yana karkarwa.

Malama Zinder: To ka ga ɗan akuyan naka. Koma bugu 4 sai gidajen sun daidaita, sannan 6, sannan 8. In ka kai 12 ko 16 ka matso da magoga wajen jaki, don izga mai tafiya a hankali can take samun murya. Kuma kada ka riƙe numfashi.

Sunan wannan atisayen, Faransawa suna kwatanta shi da zaren da aka kaɗa. Ina ganin "kaɗin sauti" zai dace. Duk wanda ya ga tsohuwa da mazari ya san ba a son zare ya yi kauri nan ya sirance can.

Baban Goge: Hoton ya yi kyau 'yata, amma kaɗi da kiɗa za su rikice a bakin yara. Makaɗi ya ce yana kaɗi, wa zai tuna da auduga? Ni dogon ja zan ce.

Malama Zinder: Dogon ja bai faɗi daidaiton ba Baba, tsawo kawai ya faɗa. Kuma ya bar turi a waje.

Ɗan Tasha: Zaren sauti fa?

Mai Koyo: Na rubuta izga, jaki, ƙaro, ja da turi, gicciye, magoga. Na ƙarshen zan gwada mata duka ukun gobe in Allah ya kai mu, in ga wanda ba za ta yi wa dariya ba.